Maigidana yana ɓata rai idan na ambaci abokan aikina: kulawa ce ko takura?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce, shekarata biyu da aure. Idan na dawo daga aiki ina ba maigidana labari, da zarar na ambaci sunan namiji sai fuskarsa ta canza, wani lokaci ya wuni bai kula ni ba. Kwanaki ya ce in daina shiga motar wani abokin aikinmu da yake rage mana hanya mu uku, na daina. Yanzu kuma yana so in riƙa nuna masa saƙonnin guruf ɗinmu na aiki. Ƙawayena sun ce in gode wa Allah, so ne. Ni kuwa har na fara jin tsoron buɗe baki. Yaya zan gane kulawa ce ko takura?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zan fara da abin da nake gaya wa duk matar da ta zo mini da irin wannan a zaman sulhu: kada ki ɓata lokacinki wajen neman sanin abin da ke cikin zuciyarsa. Ba za ki iya leƙawa ba, shi kansa ma sau da yawa bai sani ba. Miji mai takura ba ya tashi da safe ya ce yau zan takura wa matata. Idan aka tambaye shi zai rantse da Allah cewa so ne, kuma a ransa gaskiya yake faɗa. Saboda haka maganar ƙawayenki tana iya zama daidai, yana sonki, amma ba ta amsa tambayarki ba. Mutum yana iya sonki kuma yana cutar da ke a lokaci guda. Abin da za ki iya gani da idonki abu biyu ne: me yake faruwa bayan kin yi masa bayani, da kuma me kishin nan ya rage miki daga rayuwarki. Da waɗannan biyun ake yin hukunci, ba da zafin kishin ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da raba kishi gida-gida. A 1989 wasu masu bincike biyu, Pfeiffer da Wong, suka ware shi kashi uku: abin da mutum yake ji a ransa, abin da yake saƙawa a tunaninsa, da abin da yake aikatawa. Wannan rabon yana da amfani a gare ki. Na farkon, wato ransa ya sosu da ya ji kina dariya kina cewa likita wane ya yi abu kaza, kusan kowane mai aure yana jin sa, mace ko namiji, kuma ba laifi ba ne. Na biyu shi ne zargi, inda yake zaune yana haɗa labari a kansa ba tare da ya ga komai ba. Na uku kuwa shi ne bincike da kafa doka: duba waya, kira a kan kari don a ji wa ke kusa da ke, hana wannan, hana wancan. Yawan na farko ba ya tayar mini da hankali. Akwai mazan da kishinsu ke ci kamar wuta amma ba su taɓa taɓa wayar matansu ba, akwai kuma masu sanyin murya da ba sa ɗaga harshe, amma matar ba ta isa ta gaisa da maigadin ofis ba. Masu sanyin muryar nan sun fi ba ni tsoro.

Addini ma ya yi wannan rabon tun da daɗewa. A hadisin Jabir ɗan Atik da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, an ce akwai kishin da Allah yake so, akwai wanda yake ƙi. Wanda yake so shi ne kishi a inda akwai abin kokwanto, wanda yake ƙi shi ne kishi ba tare da wani abin kokwanto ba. Muslim kuma ya ruwaito hani ga mutum ya faɗo wa iyalinsa da dare yana tuhumarsu ko yana neman kama su da kuskure. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta haɗa zato da binciken asirin mutane a wuri ɗaya ta hana. Na kawo wannan ne domin a gidajenmu da rigar addini ake yawan rufe takura, a ce ai namijin da ba ya kishin iyalinsa dayyusi ne. Gaskiya ne an zargi dayyusi, amma an zargi mai zargi babu dalili shi ma, kuma wannan rabin ba a cika karanta wa maza shi ba.

To, bari mu ɗauki maganar motar nan, domin a kanta za ki fi ganin bambancin. Ita kanta buƙatar ba abin mamaki ba ce. Maza da yawa a Kano ko Kaduna ko Zinder ba za su so matarsu ta riƙa shiga motar wani namiji kullum ba, ko da da wasu matan a ciki, kuma yana da haƙƙin ya faɗi haka. Miji mai kulawa zai ce, gaskiya abin nan ba ya mini daɗi. Sannan zai ɗauki nauyin abin da ya nema: ya ƙara kuɗin adaidaita sahu, ko ya ce ranar dutin dare ni zan je in ɗauko ki. Idan kin daina, maganar ta mutu. Washegari za ki iya cewa wane ne ya karɓi aiki daga hannuna yau, ya ce to, ku ci gaba da cin abinci. Ransa yana iya ɗan sosuwa, amma ya san nauyin lallashin zuciyarsa a kansa yake.

A ɗaya gidan kuwa, ga yadda abin yake tafiya, kuma na ga wannan jerin sau da yawa har ina iya faɗin mataki na gaba kafin matar ta faɗa. Ta daina shiga motar. An sami sati biyu ko uku na zaman lafiya, har da tsaraba. Sai wata rana ta makara da minti arba'in saboda wadda za ta karɓe ta ba ta zo da wuri ba, ya ce ke da wa kuka tsaya? Ta yi bayani. Ya ce to nuna mini guruf ɗin in ga lokacin da aka rubuta. Ta nuna, don ta san ba ta da abin ɓoyewa. Ya ga babu komai, amma ya ga wani ya sa mata alamar dariya a ƙarƙashin saƙonta, ya tambayi waye wannan. Bayan wata ɗaya ya san lambar sirrin wayar. Bayan wata uku ya ce ta riƙa kiransa da bidiyo idan tana dutin dare, wai don hankalinsa ya kwanta. Sai ya fara cewa ta roƙi matiron a cire ta daga dutin dare gaba ɗaya. Da aka turo sunanta zuwa bitar kwana uku a Abuja, ba ta ma gaya masa ba, ita da kanta ta ce wa ogarta a ba wata. Ƙarshenta maganar ta koma: wai nawa ma ake biyanki, ki ajiye aikin ni zan riƙa ba ki. Ki lura, babu ranar da aka yi wani babban rikici. Kowace buƙata ƙarama ce idan aka ɗauke ta ita kaɗai, kuma kowacce tana da hujjar da ke kama da hankali. Sai an jera su ake ganin inda aka dosa.

Dalilin da ya sa nuna waya ba ya warkar da zargi shi ne wannan. Mai zargi yana cikin damuwa, idan ya duba bai ga komai ba sai ya ji sanyi na ɗan lokaci. Ƙwaƙwalwarsa sai ta koyi cewa dubawa ita ce maganin damuwa, don haka gobe idan damuwar ta dawo, dubawar zai nema, kuma ta jiya ba za ta ishe shi ba. Ga shi kuma rashin laifi ba abu ne da ake iya tabbatarwa har ƙarshe ba. Idan wayar a tsabtace take, zai ce kin goge. Idan kin daina ambaton mutumin, zai ce me ya sa kika daina, akwai abin da kike ɓoyewa ke nan. Kamar zuba ruwa a kwando ne, ke kina gajiya shi kuma bai ƙoshi ba. Don haka tambayar farko da za ki yi wa kanki: tunda na bar motar nan, tambayoyin raguwa suka yi ko ƙaruwa? Daga abin da kika rubuta, buƙata ta biyu ta biyo bayan ta farko, kuma ta fi ta zurfi. Wannan alama ce, ban ce hukunci ba ce.

Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci, kuma ke kaɗai kike da amsarta. Ki sami takarda ki rubuta abubuwan da kike yi kafin aure ko a farkonsa waɗanda yanzu kin bari, ki raba su biyu: waɗanda ya ce ki bari, da waɗanda kika bari da kanki don gudun ɓacin ransa. Layi na biyun nan shi ne ma'aunin gaske. Idan kina kan hanyar gida kina tsara labarin yau a ranki, kina cire sunayen maza kina mayar da su “wata ƙawata”, idan gabanki yana faɗuwa duk lokacin da wayar ta yi ƙara kuna zaune, idan kin fara goge saƙon da babu komai a cikinsa sai jadawalin aiki, to an riga an fara sarrafa ki ko da bai taɓa ɗaga miki murya ba. Wani masani Ba'amurke, Evan Stark, ya yi dogon bayani a 2007 cewa abin da ya fi illata mata a irin wannan zaman ba lallai duka ba ne, sace musu 'yancin walwala ne kaɗan-kaɗan har su koma su ne ke tsaron kansu. A Ingila da Wales an mayar da irin wannan sarrafawar laifi a dokar 2015. A Najeriya ma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta ambaci cutar da mutum ta hanyar magana da tunani, da raba shi da dangi da abokai da ƙarfi, da tilasta masa dogaro da wani ta fuskar kuɗi. Dokar tarayya ce da ke aiki a Abuja, kowace jiha sai ta yi tata, kuma jihohi da yawa sun yi. Ban kawo ta don ki ruga kotu ba, na kawo ta ne don ki san abin da kike ji yana da suna a wajen masu shari'a, ba shagwaɓa ba ce.

Shirun nan na wuni guda ma a duba shi da kyau. Akwai mai yin shiru don ya huce kada ya faɗi abin da zai yi nadama, idan ya huce ya dawo ya yi magana. Akwai kuma wanda shirunsa horo ne: ba ya ƙarewa sai kin ba da haƙuri a kan laifin da ba ki yi ba, ko kin sallama wani abu. Ki tuna sau uku na baya-bayan nan, ki ga da me shirun ya ƙare.

Adalci kuma ya sa in juyo kanki. Wani lokaci kishin yana da tushe ko da babu ɓarna. Idan a cikin abokan aiki ashirin sunan mutum ɗaya ne yake fitowa daga bakinki kullum, da yabo, wane akwai kirki, wane ya iya kaza, ko kuna hira da shi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare a kan abin da ba aiki ba, ko kina kai masa ƙarar mijinki, to maigidanki yana mayar da martani ne ga abin da yake gani, kuma gyaran a hannunki yake. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Kishin da ke da tushe yana da adireshi: mutum ɗaya, hali ɗaya, kuma idan halin ya canza kishin yana lafawa. Wanda ba shi da tushe yawo yake yi, yau likita, gobe mai ba da magani, jibi ɗan adaidaita, gata ɗan ƙanin babanki da kuka tashi gida ɗaya. Daga baya har ƙawaye mata yake haɗawa, wai su ne ke hure miki kunne. Sannan ki duba ko dokar ta hau kansa. Idan shi yana da abokan aiki mata, yana amsa wayarsu a gabanki, wayarsa kuma a kulle, ke ce kawai za a bincika, to maganar ba ta tsare mutuncin aure ba ce, ta wanda ke da iko ce.

Yanzu abin da za ki yi. Idan bai taɓa dukanki ba, bai taɓa yi miki barazana ba, kuma tsoron da kike ji na ɓacin rai ne ba na lafiyar jikinki ba, ki zaɓi lokacin da ake zaman daɗi, ba daren da aka yi rigima ba, kuma ba a gaban kowa ba. Ki fara da amincewa da abin da yake ji, ki faɗi abin da kike ji, sannan ki sa iyaka guda ɗaya tak. Misali: “Yallaɓai, na san ranka ba ya so idan na ambaci maza a wurin aiki, kuma na bar motar nan don in faranta maka. Amma wallahi yanzu har tsoron ba ka labari nake ji, kuma ba na so mu zama haka. Duk abin da kake son sani ka tambaye ni, zan gaya maka gaskiya. Guruf ɗin kuwa ba zan riƙa buɗewa ba, akwai bayanan marasa lafiya a ciki, amana ce a wuyana.” Wannan hujjar ta gaske ce, ba dabara ba, sirrin majinyaci yana cikin ƙa'idar aikinki, kuma nas tana iya shiga matsala a kansa. Ki haɗa da tayin da zai rage masa duhu: ki ba shi jadawalin dutinki na wata, ki ce ya zo ya ɗauke ki wata rana ku gaisa da mutanen. Wanda kishinsa na rashin sani ne, da ya ga likitan nan dattijo ne mai jikoki, ko ya ga yadda ɗakin majinyata yake cike ba wanda ke da lokacin zama, yawanci abin yana sauka.

Daga nan sai ki sa ido na wata ɗaya ko biyu, domin amsar tambayarki tana cikin abin da zai biyo bayan wannan “a'a” ɗin. Kada ki yi hukunci da daren farko. Mai kulawa ma yana iya yin fushi a ranar. Abin dubawa shi ne daga baya: ya dawo ya ce na yi tunani, ko ya ce ni ma ban san me ke damuna ba, ko ya fito da asalin abin, wataƙila an taɓa yaudararsa, wataƙila albashinki ya fi abin da yake samu kuma abin yana cinsa, wataƙila wani ɗan'uwansa ne ke zuga shi cewa ma'aikatan asibiti kaza da kaza. Duk wannan abin gyarawa ne. Mai takura kuwa yakan ɗauki iyakar a matsayin shaida: tunda kin ƙi, akwai abin da kike ɓoyewa. Sai horon ya ƙaru, a janye kuɗin cefane, a ɗauki wayar kina barci, a kira wata abokiyar aikinki a bayan idonki, ko a fara maganar ajiye aiki. Ki riƙa rubuta kwanan wata da abin da ya faru a taƙaice, ki ajiye a inda ba zai gani ba, ko a wajen yayarki. Amfaninsa biyu ne: ranar da ya yi miki kirki ba za ki ce wa kanki ƙila ni ce nake ƙara gishiri ba, kuma idan magana ta kai gaban manya ba za a ce miki “kishi ne kawai, yi haƙuri” a tashi ba, domin za su ga jerin.

Idan abin ya ƙi, kada ki riƙe shi ke kaɗai. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tayar da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginki, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, cutarwa hujja ce da mace za ta iya kai wa alƙali. Ki zaɓi wanda yake jin nauyinsa, kuma wanda ba zai fara da yi miki wa'azin haƙuri kafin ya ji zancen ba. Idan an yi maganar aikinki kafin ɗaurin aure kuma ya amince, waliyyinki ya tuna masa. Abu ɗaya da zan roƙe ki: kada ki ajiye aiki a matsayin maganin kishi, kuma kada katin albashinki ya bar hannunki. Ban taɓa ganin zargi ya mutu don mace ta zauna a gida ba. Komawa yake yi kan mai kawo ruwa da malamin Islamiyyar yara, ita kuma a lokacin ba ta da ko kuɗin motar zuwa gidansu.

Akwai halin da duk shawarar zama a yi magana ba ta aiki, har tana iya jawo haɗari. Jacquelyn Campbell, wadda ita ma nas ce a Amurka, ta tsara jerin tambayoyin da ake auna haɗarin da mace ke ciki a hannun mijinta, kuma a cikinsu akwai kishi mai tsanani da ba ya yankewa, da sarrafa harkokinta na yau da kullum, da shaƙe wuya, da barazanar kisa. Idan ya taɓa kai hannu wuyanki ko sau ɗaya ne, ko ya ce idan ba ni ba sai dai kabari, ko ya kulle ki a gida, ko yana bin ki a ɓoye, kada ki gwada sa iyakar nan ke kaɗai a ɗaki. Ki sanar da iyayenki tukuna, ki kai takardun makarantarki da lasisin aikinki wani wuri, ki nemi ofishin walwalar jama'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Lokacin da mace ta nuna za ta tafi yana cikin lokutan da suka fi haɗari, don haka ba a sanar da irin wannan mijin shiri.

Sai kuma wani nau'i da ke a matsayinki na nas ya kamata ki sani. Akwai kishin da ciwo ne, inda mutum ya yi imani ɗari bisa ɗari cewa ana cin amanarsa, yana kafa hujja da abin da ba hujja ba: yadda labule ya karkata, tarin da maƙwabci ya yi, ƙamshin sabulun asibiti a jikinki. Ba ya tambaya, ya riga ya gama yanke hukunci, so yake ki amsa laifi. An san yana zuwa tare da yawan shan giya ko ƙwayoyi, da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, har da wasu magungunan cutar Parkinson. Idan mutumin da ba haka yake ba ya rikiɗe cikin 'yan watanni, barcinsa ya lalace, yana zargin wasu mutanen ma ban da ke, wannan ba aikin masu sulhu ba ne, na likitan ƙwaƙwalwa ne, irin na asibitin Barnawa a Kaduna ko na Dawanau a Kano, kuma danginsa ne ya kamata su kai shi, ba ke ba.

Daga abin da kika rubuto, ban ga alamar kin kai can ba. Abin da na gani shi ne buƙata ta farko da aka biya, ta biyu da ta fi ta girma, da mace da ta fara tace maganarta a gidanta. A nan ne gyara ya fi sauƙi, kafin duba waya ya zama al'adar gidan. Ki yi zaman nan da shi a cikin satin nan idan kin tabbata lafiyarki ba ta cikin haɗari, ki gaya wa mutum ɗaya a danginku cewa za ki yi, sannan ki sake rubuto mini bayan wata biyu da abin da ke cikin takardarki.